Taken Gidauniyar Ruwan Sha: Yadda A Ke Ƙaga Shi da Hausa da Yadda A Ke Auna Shi

Duk sa'ad da wata ƙungiya ta kafa gidauniya don a haƙa wa mutanen ƙauye rijiya, abin da ya ke fara isa kunnen jama'a shi ne 'yar gajeriyar magana wadda a ke maimaitawa a rediyo, a rubuta a allo, mai shela kuma ya faɗa a kasuwa. Wannan magana ita a ke kira take. Asalin kalmar daga wajen makaɗa ta ke, gama take shi ne kiɗan da a ke yi wa wani mutum shi kaɗai, wanda da an ji an san ko da wa a ke, ko ba a ambaci sunansa ba. Taken gidauniya ma aikinsa ke nan: da an ji shi a san wace gidauniya ce, a san abin da ta ke nema, a kuma san abin da za ta yi da shi.

Sau da yawa a kan ɗauki ƙaga take aikin hira ne, a bar wa wanda ya fi kowa zaƙin baki a cikin kwamiti. Alhali kuwa take alkawari ne wanda a ke yi a bainar jama'a, alkawari kuwa kaya ne. Wanda ya ba da kuɗinsa saboda kalmomi biyar da ya ji, da waɗannan kalmomi biyar zai auna masu gidauniyar bayan shekara uku. Saboda haka akwai awo iri biyu da ya kamata a yi wa kowane take kafin a sake shi: awon gaskiya, watau ko aikin zai iya cika abin da bakin ya faɗa, da awon harshe, watau ko Bahaushe zai ji abin da a ke so ya ji.

Darasin shekarar 1990

Babu misalin da ya fi na Majalisar Ɗinkin Duniya bayyana haɗarin take. A 1977 aka yi babban taro kan sha'anin ruwa a Mar del Plata ta ƙasar Ajantina, daga nan ne aka keɓe shekara goma, 1981 zuwa 1990, don aikin ruwan sha da tsabtar muhalli. Taken da aka yi ta yayatawa, in an juya shi da Hausa, yana cewa ruwa mai tsabta da wadatar wurin kewayawa ga kowa da kowa kafin 1990 ta fita. Wannan kira ya motsa mutane ƙwarai. A 1981 ma'aikatan ruwa na Birtaniya suka kafa ƙungiyar agaji don amsa shi, aka kuma haƙa rijiyoyi masu ɗimbin yawa a Afirka da Asiya.

Amma da shekara goman ta cika, sai aka tarar ko da ya ke mutum fiye da miliyan 1,000 sun sami ruwa a cikinta, waɗanda ba su samu ba su ma sun haura miliyan 1,000, domin jama'a na ta ƙaruwa yayin da a ke aikin. An yi babban aiki, amma take ya sa aikin ya yi kama da kasawa, gama ya ɗaure kansa da abu biyu da ba su hannun masu shi: "kowa da kowa", da kuma ƙayyadaddiyar shekara. Da aka sake taruwa a Delhi ta ƙasar Indiya a 1990, sai aka ɗauko wata magana mai sassauci, wadda ma'anarta ita ce gara kowa ya sami kaɗan da wasu su sami mai yawa. Wannan ta fi ta farko tsawon rai, domin hanyar rabo ta faɗa, ba ta yanke ranar gamawa ba.

Abin da mai ƙaga take zai ɗauka daga nan a fili ya ke. Kada a sa shekara a cikin take, kada kuma a sa adadin da kwamiti bai riƙe a hannunsa ba. Shekara da adadi wurinsu takardar bayani, inda za a iya gyara su in hali ya sake.

Haka nan take ya kan tsufa in abin da ya ke yaƙa ya ƙare. Ciwon kurkunu, wanda a ke ɗauka ta shan ruwan tafki, ya taɓa zama babbar hujjar neman taimakon rijiya. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami mutum fiye da 650,000 masu fama da shi. To, an ga na ƙarshe a ƙasar a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Wanda ya tono tsohon take mai ambaton kurkunu ya kafa gidauniya da shi yanzu, ya roƙi kuɗi ke nan da hujjar da ta wuce. Cututtukan da za a iya ambata da gaskiya su ne amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da zawon yara.

Tarkon da ke cikin kalmar ruwa

Kalmomi kaɗan ne a Hausa suka kai "ruwa" yawan ma'ana, shi ya sa mai fassara take daga wani harshe ya kan faɗa rami bai sani ba. A ɗauki wannan: "Ku kawo kuɗin ruwa." Mai rubutun yana nufin kuɗin da za a samar da ruwa. Amma a bakin Bahaushe kuɗin ruwa shi ne ƙarin da a ke ɗora wa bashi, watau riba wadda shari'a ta haramta, in kuwa ba shi ba, to, harajin famfo ne da a ke biya duk wata. Gidauniyar da ta ke fatan liman ya yi mata shela bayan sallar Juma'a ba ta ga ta fito da wannan ba. Haka "Ruwanku ne", wanda wani zai so ya nuna wa mutanen gari rijiya tasu ce, ana iya jinsa da ma'anar "ya rage naku", watau an zare hannu.

Akwai kuma tarkon da rubutun boko ya ke ɗanawa, tun da ya ke ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Mu tara don ruwa" a baki ba ta da ruɗu, amma a allo "tara" kalma uku ce: tara kuɗi, da tara ta ƙidaya, da tarar da alƙali ya ke ci. Mai wucewa a mota yana iya karanta "mu tara" da ma'anar mutum tara ne. Take kuwa ba a tsayawa a yi nazarinsa, kallo ɗaya a ke yi masa. Saboda haka duk kalmar da sai an ji ta a baki kafin a rarrabe ta, gara a kauce mata.

Tsarki dabam, tsabta dabam

Wannan shi ne wurin da ya fi bukatar hankalin malamai, domin kuskurensa ba ya fitowa fili. Mai neman kalma mai nauyi ya kan ga "ruwa mai tsarki" ta fi "ruwa mai tsabta" daraja, sai ya zaɓe ta. Amma tsarki kalmar fikihu ce, tana da iyakarta wadda duk wanda ya karanta Ishmawi ko Risala ya sani. A mazhabar Malikiyya ana duba ruwa ta kamanninsa uku: launi, da ɗanɗano, da ƙanshi. In babu wani baƙon abu da ya jirkita ɗayansu, ruwan ya halatta a yi alwala da wanka da shi. Har ma in abin da ya jirkita shi ƙasar da ya ke kwance a kanta ce, kamar laka ko gishiri, ko abin da ya tsiro daga cikinsa, kamar gansakuka, tsarkinsa bai tafi ba.

To, bisa wannan hukunci ruwan tafkin da ƙauye ya ke sha tun kaka da kakanni mai tsarki ne, da shi liman ya ke alwala kullum. Taken da ya ce za a kawo wa gari ruwa mai tsarki, ɗayan biyu ne: ko dai bai yi alkawarin kome ba, tun da ya ke suna da shi, ko kuwa ya zargi mutane da yin salla ba tsarki shekara da shekaru. Duka biyu ɓarna ce.

Abin da likita ya ke nufi da ruwan sha mai kyau wani abu ne wanda ido da harshe da hanci ba su kai gare shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, in an ɗebi mililita 100 an gwada, kada a sami ko ɗaya daga ƙwayoyin da ke nuna bayan gida ya taɓa ruwan. Ruwa yana iya zama garai kamar idon zakara amma ya faɗi wannan gwaji, kamar yadda ya kan faru ga buɗaɗɗiyar rijiya wadda ke kusa da masai, ko wadda a ke jefa mata guga da aka ajiye a ƙasa. Ashe ko "garai" ba ta isa ba, gama siffar gani ce. "Tsabta" ta fi kusa, amma ita ma a wurin yawancin mutane abin da ido ya gani ne. Hanyar da ta fi kuɓuta ita ce a ce "ruwan sha" kurum a take, sa'an nan a takardar bayani a faɗi cewa za a gwada shi, da wanda zai gwada, da sau nawa.

Da wa a ke magana

Hausa ba ta barin mai umurni ya ɓoye wanda ya ke umurta. In an ce "ka taimaka", an bar mata a waje, alhali kuwa a wurinsu a kan sami masu ba da kaɗan-kaɗan ba fashi. In an ce "ku taimaka", an haɗa kowa, amma an ja layi tsakanin mai roƙo da wanda a ke roƙo, sai magana ta soma kama da bara. Wannan ba ƙaramin lahani ba ne, domin mutanen ƙauyen da a ke nema wa ruwa su ma suna jin rediyo, babu kuwa dagacin da zai so a mai da garinsa almajiri. "Mu taimaka" ta fi, gama ta sa mai magana cikin masu bayarwa, kamar yadda a ke kiran gayya. "A taimaka" ita ce mafi ladabi, sai dai ba ta kama kowa, kowa ya kan zaci da maƙwabcinsa a ke.

Akwai hanyar da Hausa ta daɗe da ita ta tsallake wannan duka, ita ce siffar kirari. Kirari ba ya bukatar aikatau ko wakilin suna. Ya kan ajiye abu a gaba, sa'an nan ya bi shi da siffarsa, kamar yadda a ke ce wa ruwa abokin aiki. Take mai wannan gini ba ya umurtar kowa, ba ya kuma ware kowa, yana kuma rabuwa biyu, mai shela ya ɗauki rabi jama'a su amsa da rabi.

Wani ya kan ce, me zai hana a ɗauko karin magana, tun da ya ke kowa ya san ta? Ana iyawa, amma da sharaɗi. "Da yayyafi kogi kan cika" ta dace da tara kuɗi, sai dai ta dace da gidauniyar masallaci da ta makaranta da ta asibiti, ba ta zama taken kowa ba ke nan. Ga shi kuma ta ambaci kogi, wanda shi ne ruwan da a ke so mutane su bari. Karin magana dukiyar jama'a ce, tana da kyau a cikin jawabi, amma ba ta riƙe sunan mai ita.

Misali daki-daki

A ƙaddara wata ƙungiyar 'yan asalin wani ƙauye mazauna birni ta yi niyyar samar wa ƙauyen ruwa. A ƙaddara mutanen ƙauyen 750 ne, suna sha daga tafki da damina, da rani kuma su tona yashin rafi. Kafin a zauna neman kalmomi, sai an fara yin lissafi, domin lissafi shi zai nuna abin da baki ya ke da ikon faɗa.

Mafi ƙarancin abin da a ke ƙiyasta wa mutum ɗaya a yini, don sha da girki da 'yar tsabta, lita 20 ne. Mutum 750 ke nan suna bukatar lita 15,000 kullum, watau jarka 600 mai cin lita 25. A ƙaddara rijiyar burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa tana ba da lita 15 a minti ɗaya in ana tuƙawa ba hutawa, lita 900 ke nan a awa. In rijiya ɗaya ce, sai an yi awa 16 da 'yan kai ana tuƙa ta kafin gari ya ƙoshi, ban da lokacin da a ke ɓatawa wajen sake jarka. Ba za ta yiwu ba. Layi zai yi tsawo, masu gaggawa su koma tafki, famfon kuma ya gaji da wuri. In rijiya uku ce, kowace ta ɗauki mutum 250, aikin kowace bai kai awa 6 ba, ana iya raba shi safe da yamma. Ashe bukatar gari rijiya uku ce.

Da wannan a hannu sai a jera abin da 'yan kwamiti suka kawo, a auna ɗaya bayan ɗaya.

Na fari ya ce, "Rijiya ɗaya, gari ya huta." Tana da daɗin faɗa, amma lissafi ya riga ya ƙaryata ta. Ranar da aka buɗe rijiyar farko aka ga yara na komawa tafki, masu bayarwa za su ce an cuce su, ba kuwa za su sake ba da na biyu da ta uku ba.

Na biyu ya ce, "Kowane kwabo zai zama ruwa." Wannan alkawari ne game da kuɗi, yana da wuyar cikawa. Akwai wata ƙungiyar agaji da aka kafa a Amirka a 2006 wadda ta yi suna da irin wannan alkawari, amma ta iya shi ne domin ta ware asusu biyu: abin da jama'a suka bayar ya tafi aikin ruwa, albashi da kuɗin ofis kuma wasu masu hali dabam su ke biya. Ƙungiyar da ba ta da wannan tsari za ta biya kuɗin mota da na shela daga cikin gidauniya. Ban da haka, a ƙasar da ke kan fa, kamar yawancin ƙasar Zazzau da kudancin Kano da Katsina, ruwan ƙasa a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa ya ke maƙalewa, ana iya auna wuri a haƙa a tarar babu. Kuɗin ramin da ya fito busasshe bai zama ruwa ba, ko da ya ke babu wanda ya ci shi.

Na uku ya ce, "Ba da zakkarka, ka shayar da gari." Nan malamai za su tsaya. Zakka tana da mutane iri takwas da aka ƙayyade mata, jumhurin malaman fikihu kuwa ba su sa ayyukan amfanin jama'a, kamar gina gada ko haƙa rijiyar gari, a cikinsu ba. Take ba wurin buɗe saɓanin malamai ba ne. Ƙofar da babu gardama a kanta ita ce sadaka, musamman wadda a ke kira sadaka mai gudana, watau wadda ladanta ba ya yankewa ko bayan mutuwar mai ita. Shayar da ruwa kuwa sananne ne a cikinta tun zamanin sahabbai: Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Sa'adu ɗan Ubada kuma ya yi wa mahaifiyarsa sadaka da ruwa bayan rasuwarta.

Na huɗu ya ce, "Naira dubu, jarka dubu." Kuɗi a cikin take ba ya jure zamani, gama abin da naira dubu ta ke saye bana ba shi za ta saya baɗi ba. In kuma gidauniya za ta ƙetare iyaka, sunayen kuɗi ma sun saɓa: jaka a Nijeriya naira 200 ce, a Nijar kuwa jikka sefa 1,000 ce.

Daga abin da na uku ya buɗe sai a iya fitar da wannan: "Rijiya guda, lada mai gudana." A duba ta ta wajen gini. Kirari ce, babu umurni, babu "ka" ko "ku". Ta rabu biyu, rabin farko gaɓa biyar, na biyu gaɓa shida, kusan kai ɗaya. A rabin farko gaɓoɓin suna bin juna nannauya da sassauƙa, ri-ji-ya-gu-da, ta fara da mai nauyi ta ƙare da mai nauyi, shi ya sa ta ke tafiya kamar taku. Rabi na biyu, la-da-mai-gu-da-na, duk masu nauyi ne sai ɗaya, sai ya sauka a hankali, ya dace da amshin taro. Kowane rabi ya ƙare da dogon wasali iri ɗaya, "guda" kuma ta sake dawowa a cikin "gudana", kunne ya riƙe ta ba wahala.

A duba ta kuma ta wajen ma'ana. "Gudana" aikin ruwa ne, siffar sadaka ce kuma, kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu. An zaɓi "lada" a kan "sadaka" domin ta fi gajarta, ga shi kuma Musulmi da Kirista duk suna amfani da ita. Ba ta ce rijiya guda ta ishi gari ba, saboda haka ana iya riƙe ta har a gama ta uku. Ba ta yanka wa lada farashi ba, ba ta kuma ambaci talaucin kowa ba.

Tana da nata gibi. Ba ta faɗi sunan gari ba, ba ta faɗi inda za a kai kuɗi ba, "rijiya" kuma tana iya zama buɗaɗɗiya mai guga. Wannan ba aikin take ba ne, aikin layin da ke ƙarƙashinsa ne, inda za a rubuta sunan ƙungiya, da cewa rijiyar burtsatse uku a ke nufi, da wurin biya, da sunan mukamin mai riƙe da asusu. Take ya kira mutum ya waiwayo, layin ƙasa ya gaya masa abin yi.

Nauyin da kalmar gudana ta ɗora

Wanda ya ce "mai gudana" ya ɗauki alkawarin da ya wuce ranar buɗe rijiya. Ƙididdigar da masana ruwan karkara suka tattara a 2009 ta nuna kimanin famfon hannu ɗaya cikin uku a Afirka kudu da Sahara ba ya aiki, wadda aka yi bayan shekara goma kuma ta sami wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar. Abin da ke kashe su galibi ƙanana ne: robar da ke cikin silinda ta cinye, sarƙa ta tsinke, bututu ya yi tsatsa ya huje. Alamun ba su ɓoyuwa. In da safe sai an daɗe ana tuƙawa kafin ruwa ya zo, to, akwai yoyo a ƙasa. In hannun famfo ya soma lilo gefe da gefe, abin da ya ke juyawa a kansa ya ci. In ruwa ya yi ja-ja da ɗanɗanon ƙarfe, bututu ne ke tsatsa. Gyaran kowanne bai taka kara ya karya ba, amma in babu asusun gyara, babu makaniki a kusa, babu wanda aka ɗora wa nauyi, sai famfo ya tsaya wata da watanni. A nan ne karin maganar nan ta ke tabbata, rijiya ta bayar guga ya hana.

Saboda haka ƙungiyar da ta zaɓi wannan take wajibi ne ta ware wani kashi na gidauniya don gyara tun daga farko, ta faɗa wa masu bayarwa ta ware, ta kuma shirya da mutanen gari yadda za su riƙa karo-karo, gama sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. In ba za ta iya ba, ya kamata ta nemi wani take mai sauƙin kaya.

Gwaji kafin saki

Kwamiti ba shi ne zai yanke wa takensa hukunci ba, domin ya riga ya san abin da ya ke nufi. Hanyar gwaji kuwa ba ta cin kuɗi. A sami mutum goma ko sama da haka waɗanda ba su san da gidauniyar ba, a gauraya su: maza da mata, na birni da na ƙauye, mai karatun allo da mai na boko. A faɗa wa rabinsu taken da baki sau ɗaya, a nuna wa sauran a rubuce, kada a yi bayani. Sa'an nan a tambayi kowa shi kaɗai abu uku: me a ke nema a wurinka, me za a yi da shi, wa zai amfana. Washegari a koma a ce ya maimaita.

Amsoshin su ke nuna inda cuta ta ke. In mutum ya riƙe ma'ana amma ya sake kalmomi, ginin ne bai zauna a baki ba, sau da yawa ma abin da ya sake da shi ya fi na asali, sai a karɓa. In ya riƙe kalmomi daidai amma ya kasa faɗin abin da a ke nema, an yi waƙa ne ba take ba. In masu karantawa sun saɓa da masu ji, akwai kalma mai fuska biyu a rubuce. In wani ya yi murmushi inda ba abin dariya, a tsaya a tambaye shi, gama ya ji wata ma'ana da kwamiti bai ji ba. In kuwa mutanen ƙauyen da kansu suka ji nauyin faɗinsa a gaban baƙi, to, an taɓa mutuncinsu, a yar da shi kome daɗinsa.

Malaman kwalejojin horon malamai za su iya mai da wannan aikin aji. A ba ɗalibai yawan mutanen wani gari da abin da famfo ya ke bayarwa a minti, su fitar da adadin rijiyoyi, sa'an nan kowa ya ƙaga take, ya rarraba gaɓoɓinsa, ya gwada shi a kan mutum goma, ya kawo abin da suka ce a rubuce. Ɗalibin da ya yi haka sau ɗaya ya taɓa nahawu da karin magana da fikihun ruwa da lissafi a cikin jimla guda, zai kuma iya gaya wa kwamitin garinsu, kafin a kai allo wurin mai fenti, ko kalmomin da suka zaɓa rijiya za ta iya biyansu.